Darasi: Gyaran Allon Kwamfuta Mai Ƙiftawa Bayan Sabunta Windows

Yakan faru a sabunta Windows da dare, da safe a kunna kwamfuta a tarar allo yana ƙiftawa, rubutu ya yi girma fiye da kima, hotuna kuma sun baje kamar an ja su ta gefe biyu. Sau da yawa allon lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ga direban hoto, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar da ke zana hoto a cikin kwamfuta. Idan sabuntawa ta cire wannan direba, ko ta sa wanda bai dace ba, sai Windows ta koma kan wani direba na wucin gadi wanda bai san girman allon ba.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar da inda laifin yake. A danna Ctrl da Shift da Esc a tare domin buɗe Task Manager, sannan a zuba masa ido. Idan shi ma yana ƙiftawa tare da sauran allon, to direban ne abin zargi. Idan kuwa shi kaɗai ya tsaya cak alhali komai na rawa, mai yiwuwa wata manhaja ce da aka saka take jawo hakan.

Mu ɗauki misalin kwamfutar tafi-da-gidanka mai allon 1920 × 1080, wadda bayan sabuntawa ta maƙale a 1024 × 768, kuma babban girman ya ɓace daga jerin Display resolution, wato wurin zaɓar girman allo a cikin Settings. A danna maɓallin Windows da X, a zaɓi Device Manager, a buɗe Display adapters. Sunan da ke ƙarƙashinsa shi ne zai nuna hanyar da za a bi.

Idan an ga sunan Intel, ko NVIDIA, ko AMD, direba yana nan, sai dai sabon da aka saka bai zauna daidai ba. A danna sunan sau biyu, a shiga Driver, a danna Roll Back Driver, wanda zai dawo da tsohon da yake aiki jiya, sannan a sake kunna kwamfutar. A ganina wannan ya kamata a fara gwadawa, domin ba ya buƙatar intanet kuma ba ya goge komai. Idan maɓallin ya dushe bai dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon direban ba ke nan.

A misalinmu kuwa, abin da aka gani shi ne Microsoft Basic Display Adapter, wanda ke nufin ainihin direban babu shi sam. Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin sukan danna Update driver, Windows ta ce musu mafi kyawun direba yana nan tuni, su kuma su yarda. Wannan saƙo yana nufin kawai ba ta samu wani a inda ta duba ba. Abin yi shi ne a gano kamfanin da ya ƙera na'urar hoton. A danna sunan sau biyu, a shiga Details, a zaɓi Hardware Ids, a karanta abin da ya biyo bayan VEN:

```
VEN_8086   Intel
VEN_10DE   NVIDIA
VEN_1002   AMD
```

An ga 8086, saboda haka ta Intel ce. Sai a duba lambar samfurin kwamfutar, wadda galibi take rubuce a ƙasanta, a je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a sauke direban hoto na wannan samfuri da na irin Windows ɗin da ake amfani da ita. Ga kwamfutar tafi-da-gidanka wannan ya fi dacewa, domin kamfanin kan daidaita direban da allonsa; idan bai ajiye ba, sai a nema a shafin Intel. A guji shafukan da ke alkawarin gyara dukkan direbobi da dannawa ɗaya, domin wasunsu na ɗauke da manhajoji masu cutarwa. Lokacin sakawa allon zai yi baƙi na ɗan lokaci, kada a kashe kwamfutar. Bayan sake kunnawa, a koma Display resolution a zaɓi girman da aka rubuta Recommended a gabansa, wato 1920 × 1080.

Idan ƙiftawar ta yi tsanani har ba a iya bin waɗannan matakai, a riƙe Shift yayin danna Restart, a bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, a danna 4 domin shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman direbobi kawai, inda za a iya yin Roll Back Driver ko Uninstall device cikin natsuwa.

Wannan gyara yana da iyaka. Idan allon yana ƙiftawa tun lokacin da tambarin kamfani ya bayyana, kafin Windows ta tashi, ko kuma ƙiftawar tana canzawa idan aka motsa murfin kwamfutar, direba ba shi da hannu a ciki. Mai yiwuwa wayar allon ce ta saki ko allon ya samu matsala, sai a kai wa mai gyara ya buɗe ya duba.