Yadda Ake Ƙidayar Kayan Amana a Shago

Masu shaguna a Jidda na yawan tambaya game da turaren da dillali ke ajiyewa a sayar masa.

1. Ka sani kayan na dillali ne har sai an sayar. Kai kamisho kawai gare ka.
2. Ƙirga a gabansa ranar karɓa, misali kwalba 120.
3. Ku sa hannu a takarda.
4. Rubuta su a littafin amana daban. Hattara: kada ka sa su cikin jarinka, dillali ne ke lissafa su a nasa.
5. Ware musu kanta.
6. Ƙarshen wata, ƙirga ragowar. In an sayar da 45, a samu 75.
7. In 73 ka gani, duba rasit da fasassu kafin ka biya.