Yadda Uwa Za Ta Rubuta Wasiƙar Neman Aikin Akanta Bayan Shekara Biyar a Gida

Mai ɗaukar ma'aikata da ya ga takardar tarihin aikinki ta tsaya a 2020, alhali kina neman aiki a 2025, tambaya biyu ce za ta zo masa: me ya tsayar da ke, kuma har yanzu hannunki bai mutu ba? Wasiƙar da ke rakiyar takardun ita ce za ta amsa su, ta farko da jimla ɗaya, ta biyu kuwa da hujja mai yawa.

Kafin ki fara rubutu, ki karanta sanarwar aikin ki fitar da ayyuka biyu ko uku da aka fi jaddadawa, kamar daidaita littafin kuɗi da bayanin banki, da shirya albashi, da rufe lissafin ƙarshen wata. A gaban kowanne ki rubuta abin da kika taɓa yi, tare da adadi idan kina da tabbacinsa. Adadin da ba za ki iya kare shi a gaban masu intabiyu ba ki bar shi, domin akanta da aka kama da ƙarin gishiri a lissafin kanta ba za a damƙa mata na kamfani ba.

Daga nan sai sakin layi na farko, wanda ya kamata ya buɗe da aiki, ba da gida ba. A ce mai nema ta yi shekara shida tana aiki kafin ta tsaya, za ta iya cewa: "Ina neman gurbin akanta da kuka sanar. Na yi shekara shida a wani kamfanin rarraba kaya, inda nake daidaita asusun banki huɗu duk wata, nake kuma shirya albashin ma'aikata tamanin, har na rage lokacin rufe lissafin wata daga kwana goma zuwa shida."

A sakin layi na biyu ne za ki kawo batun giɓin, kai tsaye: "Daga 2020 zuwa 2025 na dakatar da aiki domin renon 'ya'yana, yanzu kuma na shirya komawa aiki na cikakken lokaci." Wannan ya wadatar. Kada ki ba da haƙuri, kada ki faɗi yawan yaran ko shekarunsu ko wanda zai kula da su. A ganina kuma bai dace ki kira hidimar gida "sarrafa kasafin kuɗin iyali" don ta yi kama da aikin ofis ba, tunda wanda zai karanta ya san bambancin cefane da littafin kamfani. Amma idan kin riƙe lissafin wata ƙungiya ko ƙaramar sana'a, da rasit da rahoton shekara, wannan aiki ne na gaskiya, ki ambace shi da tsawon lokacinsa.

Jimlolin da ke biye su ne mafi nauyi, domin a nan ake gane wadda ta shirya da wadda ke fata kawai. "Ina saurin koyo" ba hujja ba ce. Hujja ita ce kwas ɗin da kika kammala da watan da kika gama shi, da manhajar da kika sake horuwa a kanta, ko QuickBooks ce ko Sage, da matsayinki a ƙungiyar ƙwararrun akantoci. Ki tuntuɓi ƙungiyar tukuna, saboda rajista kan faɗi idan an daina biyan kuɗin shekara ko cika sa'o'in ƙarin ilimi, kuma kiran kanki mamba bayan ta faɗi laifi ne da ake ganowa cikin sauƙi. Idan kina kan sabunta ta, ki faɗi hakan yadda yake. Yana da kyau kuma ki nuna kin san abin da ya sauya a bayanki: an fitar da ƙa'idar IFRS 18 a 2024 don ta maye gurbin IAS 1 wajen tsara rahoton kuɗi, za ta kuma fara aiki a Janairun 2027. Ki ambace ta ne kawai idan kamfanin yana bin waɗannan ƙa'idoji kuma kin karanta ta, haka nan dokar harajin ƙasarki.

Ki rufe da ranar da za ki iya fara aiki da roƙon a ba ki damar ganawa. Batun sassaucin lokaci ko aiki daga gida ki ajiye shi sai an zauna, sai dai idan sanarwar ce ta kawo shi. Duka wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya, kuma kafin ki aika ki gwada shekaru da adadin da ke cikinta da na takardar tarihin aikinki, ki tabbata sun zo daidai.