Teburin da ya hana ni makara wajen neman aiki

Bayan na gama hidimar ƙasa, tallan guraben aiki ya yi ta zuwa mini ta WhatsApp da jaridu, har wata rana na shirya takarduna tsaf, na buɗe shafin wani kamfani na tarar an rufe karɓa tun jiya. Abin ya ƙona mini rai sosai.

Sai na buɗe Google Sheets a wayata, kowane gurbi layi guda. Rukunin A sunan ma'aikata, B muƙami, C ranar rufewa, D kwanakin da suka rage, E matakin da nake, F ranar da na tura. A D2 na rubuta:

```
=IF(E2="ban tura ba",C2-TODAY(),"")
```

Ina sauya E zuwa "na tura", lambar sai ta ɓace, idona ya koma kan wanda ke jira. Duk abin da ya gaza kwana 4 na sa ya zama ja.

Inda aka sha wahala shi ne kwanan wata. Na rubuta 03/04 ina nufin 3 ga Afrilu, teburin ya ɗauka 4 ga Maris, saboda saitinsa na Amurka ne. Alamar ita ce lamba mai ragi a gurbin da bai rufe ba, ko kuma `#VALUE!` idan ranar ta wuce 12. A kwamfuta na shiga `File > Settings`, na mayar da `Locale` zuwa `United Kingdom`, sannan na sake shigar da ranakun, don tsofaffin ba sa gyara kansu.

Bibiya kuwa, a G2 na sa `=F2+14`, wato kwana 14 bayan ranar da na tura. Ranar ta cika ba amsa, sai in aika gajeren saƙon tuni, in mayar da E "na tuntuɓa".