Bilic Ba Ya Son Abokin Tarayya: Darasi Kan Magungunan Tsafta

Bilic shi ne ruwan nan mai ƙarfin wari da muke saye a kanti da sunan Haifo ko Jik, wanda ake sa wa farin kaya su ƙara haske. Abin da ke aiki a cikinsa sinadarin kulorin ne, irin wanda gidan ruwa ke sakawa kaɗan a ruwan famfo. Muddin kulorin yana narke a cikin ruwa, zai kashe ƙwayoyin cuta lafiya lau. Matsala tana farawa ne idan aka haɗa shi da abin da zai fitar da shi daga ruwan, ya koma iska, mutum ya shaƙa.

Yadda hatsarin ke faruwa

A ɗauki misalin uwargida da ke son wanke banɗaki kafin baƙi su iso. Ta zuba maganin wanke masai mai kauri, irin wanda ke cire tsatsa da dattin da ya daskare. Tabon bai fita yadda take so ba, sai ta ƙara da bilic a kai, tana ganin biyu ta fi ɗaya. Ta tura ƙofa, ta duƙa tana gogewa da buroshi. Kafin ta ankara idonta ya fara yaji yana hawaye, maƙogwaro yana ƙaiƙayi, tari ya sarƙe ta.

Yawancin irin wannan magani na wanke masai asid ne a cikinsa. Da zarar asid ya taɓa bilic, iskar kulorin za ta tashi nan take. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, saboda haka ƙasa-ƙasa take taruwa, daidai inda fuskar mai duƙe take, daidai kuma tsawon ƙaramin yaro. Idan ta shiga ƙirji, tana haɗuwa da damshin da ke ciki ta ƙona hanyar numfashi. Wannan iskar ce sojoji suka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a shekarar 1915.

Duk abu mai tsami haka yake yi da bilic: ruwan kal, lemun tsami, ruwan batir, da asid ɗin da masu aikin tayil ke wanke siminti da shi. Akwai kuma amoniya, wadda ake samu a wasu magungunan goge gilashi. Ita ma tana tayar da wata iska mai guba. Fitsarin da ya kwana yana fitar da amoniya, don haka kada a zuba tsuran bilic a fo ɗin yaro ko a makwararar da fitsari ya taru. A fara kora ruwa sosai. Sifirit ma ba a haɗa shi da bilic, haka Detol da Izal. Abin da aka yarda a sirka shi da shi kawai shi ne ruwan sanyi mai tsafta, domin ruwan zafi yana karya ƙarfinsa, yana kuma tayar da tururinsa.

Idan an riga an haɗa

A fita waje nan da nan, a fitar da yara, a bar ƙofa da taga a buɗe. Kada a tsaya ƙoƙarin zuba wani abu don a kashe warin. Idan ido ya yi yaji, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsafta na minti 15. Madara ko manja ba sa maganin abin da ya shiga huhu. Wanda tari ya ƙi sakinsa, ko ƙirjinsa ya ɗaure, ko numfashinsa yana fita da ƙara, a kai shi asibiti tare da kwalaben da aka haɗa. Ko da ya ji sauƙi, a sa masa ido, domin wani lokaci wahalar numfashin sai bayan wasu sa'o'i take bayyana. Mai asma kuwa ba a jira da shi.

Yadda ake sirka bilic

Duba jikin kwalba, za ka ga an rubuta ƙarfinsa. Da yawa daga cikin na kasuwanninmu 3.5% ne, da shi za mu yi lissafi.

Don goge daɓe, tayil, kan masai, bokiti da kayan roba, ana bukatar ƙarfin 0.1%. Zuba babban cokali 2 na bilic a ruwa lita 1, wato ledar fiyawata 2. Idan wurin da jini ne ko amai, a yi mai ƙarfi, 0.5%: gwangwani 1 na bilic, gwangwani 6 na ruwa. Da gwangwani ɗaya za a auna duka biyun, kuma a ware shi, kada ya koma kicin.

Mutane da yawa suna tsallake mataki na farko, kuma shi ne ke sa aikin ya tashi a banza. Datti da maiƙo suna cinye ƙarfin bilic kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Sai an fara wanke wurin da sabulu, an ɗauraye, sannan a shafa ruwan bilic. A bar shi da jiƙa aƙalla minti 1, wurin jini ko amai kuma minti 10, bayan an kwashe ƙazantar da tsumma da safar hannu. Ruwan da aka sirka yau ba ya kai gobe da ƙarfinsa, a haɗa sabo kullum.

Wane magani, wane wuri

Bilic yana cin ƙarfe. Ba a barin sa a kan wuƙa, almakashi ko tukunyar alminiyam, yana kuma kashe launin atamfa da kafet, yana lalata takalmin fata. Faranti da katakon yanka nama ana iya tsoma su a ruwan bilic mai sauƙi na 0.1%, amma a ɗauraye da ruwa sosai kafin abinci ya taɓa su.

Sifirit mai ƙarfin 70% ya fi dacewa da ƙananan abubuwa: waya, hannun ƙofa, almakashi, ma'aunin zafin jiki. A ɗiga a ƙyalle a goge, kada a zuba a kan wayar. Yana kama wuta, a nisanta shi da murhu da risho.

Detol na ruwa ana sirka shi yadda aka rubuta a kwalba, don wanke ƙaramin rauni, wanki ko goge daɓe. Izal na kwata ne da bakin masai da tsakar gida, ba ya zuwa kusa da abinci ko fatar jiki. Duka biyun suna cutar da kyanwa idan ta taka ta lashe. Yawan tuttula kowannensu a ramin masai ko sokawe kuma yana kashe ƙananan halittun da ke ruɓar da bahaya, ramin ya riƙa cika da wuri.

In har aiki yana bukatar magani biyu, a yi da na farko, a kora ruwa mai yawa, iska ta shiga, sannan a kawo na biyu. Kowanne ya zauna a kwalbarsa ta asali, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a juye shi a robar lemo ko ta ruwan sha.

Aikin aji

1. Rubuta abubuwa 3 da ba a haɗa su da bilic.
2. Kana da ruwa lita 5, bilic ɗinka 3.5% ne. Cokali nawa za ka zuba don goge daɓe?
3. Ka kawo kwalbar da babu komai a ciki daga gida, mu karanta rubutun jikinta tare.