Idan fayil ya buɗe da baƙin alamomi a Notepad

Mutane da dama sun tambaye ni wannan: an turo fayil, ka buɗe, sai tarkacen alamomi irin ÿØÿà da ƙananan akwatuna. Galibi fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Ba rubutu ba ne, Notepad ce ke ƙoƙarin karanta shi a matsayin haruffa.

1. Rufe Notepad. Idan ta tambaya, zaɓi Don't Save.

Hattara: a nan ake yin ɓarna. Da zarar ka danna Save, Notepad tana canza wasu alamomin da ido ba ya gani, fayil ɗin ya lalace ke nan.

2. Kwafi fayil ɗin, ka ajiye na asali gefe.

3. Buɗe kwafin a Notepad.

4. Dubi haruffan farkon layi na farko kawai. %PDF na nufin takardar .pdf ce. ‰PNG hoton .png ne. ÿØÿ hoton .jpg ne. PK kuwa .zip ne.

Idan ka ga MZ, manhaja ce ta Windows. In ba ka san wanda ya turo ba, goge ta, kada ka kunna.

5. A File Explorer, shiga View ka kunna File name extensions. A Windows 11 yana ƙarƙashin Show.

6. Danna F2 a kan kwafin, ka gyara ƙarshen sunan ya dace da abin da ka gano a mataki na 4, kamar .pdf ko .jpg.

7. Buɗe shi.

PK na da ɗan ruɗi, domin takardun Word da Excel ma da shi suke farawa. Mayar da sunan .zip ka leƙa ciki. Idan akwai folda mai suna word, sa masa .docx. Idan xl ka gani, .xlsx ne.