Darasi na Tara: Auna Yiwuwa da Filin da ke Ƙarƙashin Layi

'Yan'uwa, a ɗauko takarda da fensir. Ga ƙa'idar da za mu yi aiki da ita yau: f(x) = x/8, idan x na tsakanin 0 da 4. A wajen wannan iyaka f(x) sifili ce. Irin wannan ƙa'ida tana nuna inda yiwuwa ta fi cunkoso ne. Idan aka zana f(x) a takarda, layi ake samu, amma tsayin layin ba shi ne yiwuwa ba. Filin da ke ƙarƙashinsa shi ne yiwuwa.

Kafin komai, sai an tabbatar da abu biyu. Na farko, kada f(x) ta sauka ƙasa da sifili. Tamu ba ta sauka ba. Na biyu, dukkan filin ya zama 1 cif, don 1 na nufin tabbas.

Alamar ∫ tana nufin intigireshan, wato tara filin. Idan aka yi wa x intigireshan, sai ƙarfinta, wato ƙaramar lambar da ke samanta, ya ƙaru da ɗaya, a raba da sabon ƙarfin: x, wadda ita ce x¹, ta koma x²/2. Saboda haka x/8 ta koma x²/16.

Yanzu ga wurin da aka fi tuntuɓe, ku bi a hankali. A fara saka iyakar sama, wato 4: 4² shi ne 4 sau 4, 16 ke nan, ba 8 ba. 16/16 = 1. Sannan a saka iyakar ƙasa, wato 0, a sami 0. Daga amsar sama ake cire ta ƙasa: 1 − 0 = 1. Ƙa'idarmu ta inganta. Wanda ya zana layin zai ga alwatika mai gindi 4 da tsayi 1/2, rabin 4 sau 1/2 kuwa 1 ne. Madalla.

To, mene ne yiwuwar x ta faɗo tsakanin 1 da 3? Da x²/16 ɗin nan za mu ci gaba, iyakoki kawai suka canza. Sama: 9/16. Ƙasa: 1/16. Daga sama a cire ƙasa: 8/16, wato 1/2.

Kun ga a nan amsar ƙasa ba sifili ba ce. Da yawa sukan saba da 0 na lissafin farko, su rubuta 9/16 su ajiye fensir. Haba! Ba a gama ba sai an cire. Wasu kuma su juya lissafin, su sami −1/2, su miƙo takarda a haka. Yiwuwa ba ta ƙasa da sifili, ba ta wuce 1. Duk wanda ya ga alamar ragi a amsarsa, ya koma: sama tukuna, sannan ƙasa, sannan a cire ƙasa daga sama. Rubuta layukan uku daban-daban, kada a yi da ka.

Aikin gida: nemo yiwuwar x tsakanin 0 da 2. Amsar ita ce 1/4, ba rabi ba, domin filin ya fi yawa ta ɓangaren 4.