Yadda ake gano inda -s ke shiga a aikatau na Turanci, da gyara kurakuran takardar atisaye

A Hausa muna cewa yakan ci, takan ci, sukan ci. Aikatau "ci" bai motsa ba, abin da ke gabansa ne ke nuna mai aikin. Shi ya sa ɗalibi ke rubuta *he eat* hankalinsa kwance, don a ganinsa *he* ta riga ta gama bayani. Turanci kuwa, a lokacin da ake faɗin abin da aka saba yi, yana maƙala -s a ƙarshen aikatau idan mai aikin guda ɗaya ne kuma ba *I* ko *you* ba: *he eats*, *she eats*, *it eats*.

Matakin farko shi ne a nemo ainihin mai aikin, kuma a nan ne ma ɗalibai masu ƙoƙari ke zamewa. Ɗauki wannan tambayar:

*The boy with two dogs ___ (walk) here every day.*

Da yawa za su rubuta *walk*, saboda idonsu ya faɗa kan *dogs* da ke dab da gurbin. Amma wa ke tafiyar? Yaron ne. A sa yatsa a rufe *with two dogs*, sai *the boy* ya rage, wanda za a iya musanya shi da *he*. Amsa ita ce *walks*. Wannan musanyar ita ce ma'auni: in sunan ya koma *he*, *she* ko *it*, a sa -s, in ya koma *they*, a bar aikatau yadda yake. Da haka za a ga *my brother and sister live* daidai ne, tunda mutum biyu ne. A kula da *people*, jam'i ce ko da ba ta da -s, sai a ce *people know*. Ita kuwa *everybody*, duk da tana nufin kowa da kowa, tilo ake ɗaukarta: *everybody knows*.

Mataki na biyu, a duba ko akwai wata kalma da ta riga ta ɗauke -s ɗin. A korewa da tambaya, *does* ce ke ɗauka, aikatau ya koma tsurarsa. *She watches* tana zama *she doesn't watch* da *does she watch?* Wanda ya rubuta *she doesn't watches* bai manta doka ba, ya dai yi amfani da ita sau biyu ne. A takarda, a zagaye masa -es ɗin da ke jikin *does*, a tambaye shi sau nawa aka sa. Bayan *can*, *will*, *must* da *should* kuwa babu -s ko kaɗan: *he can swim*, ba *he can swims* ko *he cans swim* ba.

Sai an tabbatar ana buƙatar -s ɗin ake zuwa ga rubutu. Aikatau da ya ƙare da s, sh, ch, x ko z yana ɗaukar -es: *passes*, *washes*, *teaches*, *fixes*. Dalilin yana a baki, gwada furta *teachs* ka ji yadda harshe ke sarƙewa. *Go* da *do* ma -es suke ɗauka. Harafin y ne ke da ɗan tarko: in baƙi ne a gabansa, y ta faɗi a sa -ies, kamar *study* zuwa *studies*, in wasali ne, y ta zauna, kamar *play* zuwa *plays*. Ɗalibin da ya koyi rabin dokar shi ke kawo *plaies*. *Have* ta fita daban, *has* ake cewa. Haka nan babu ruwan wannan -s da alamar mallaka, saboda haka *he run's* kuskure ne.

Wajen maki, bai kamata a yi wa duk kurakuran jan biro iri ɗaya ba. Mai *she studys* ya san -s na shiga, rubutu kaɗai ya rage masa. Mai *she study* bai kai nan ba tukuna, sai a mayar da shi kan musanya suna da *he* ko *she*. Mai *they studies* kuma ya ɗauka jam'in suna na jawo -s a aikatau, alhali akasin haka ne. Shi sai a rubuta masa *the girl studies* a sama, *the girls study* a ƙasa, ya ja layi ƙarƙashin -s a kowace jimla ya ga yadda take tashi daga aikatau ta koma kan suna.